Yadda Ake Taƙaita Naɗaɗɗiyar Hirar Waya da Mai Ba da Shaida kan Mai Neman Aiki, a Raba Abin da Ya Faru da Abin da Ake Zato

An sha tambayata, musamman daga matasan da aka ɗora wa aikin sashen kula da ma'aikata ba tare da an koya musu komai ba, yadda za su yi da faifan muryar da aka miƙa musu bayan an kira tsohon maigidan wani mai neman aiki. Manaja yakan ce kawai, “Ka saurara ka rubuto mana abin da ya ce a shafi ɗaya,” sai ma'aikaci ya saurara sau ɗaya, ya rubuta abin da ya zauna masa a rai, ya miƙa. Abin da yakan zauna a rai kuwa shi ne yabo mai daɗi ko suka mai zafi, kuma su biyun galibi ra'ayi ne. Ga yadda nake bi da wannan aiki daki-daki. Zan yi amfani da misali guda daga farko har ƙarshe, wanda na tsara shi daga irin kiran da ake yi yau da kullum: wani kamfanin rarraba kayan masarufi yana neman mai kula da sito, an kira tsohon manajan mai neman aikin, hirar ta ɗauki minti 18.

1. Kafin ka kunna faifan

Tambaya ta farko ita ce ko an naɗi muryar da sanin mai maganar. Ka nemi farkon faifan, domin a nan ya kamata a ji mai kiran ya ce za a naɗi hirar, a kuma ji ɗaya ɓangaren ya amsa da bakinsa cewa ya yarda. Haka nan ka duba fayil ɗin mai neman aikin, ka tabbatar shi ne ya ba da sunan wannan mutum, ko kuma ya sa hannu cewa ya amince a tuntuɓe shi. A Najeriya, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗauki irin wannan faifai a matsayin bayanin mutum, kuma mutum biyu abin ya shafa a nan, wanda ake magana a kansa da wanda yake maganar.

Gargaɗi: idan ba ka ji an nemi izinin naɗar murya ba, kada ka ci gaba da kanka. Ka mayar da maganar ga wanda ya ba ka aikin, a sake kiran mai shaidar a sanar da shi, ko a sake hirar gaba ɗaya.

Kayan aikin ba su da yawa. Kana buƙatar abin saurare na kunne, domin ba a kunna irin wannan hira a bainar jama'a a ofis, da kwamfuta ko waya mai manhajar da ke nuna minti da daƙiƙa, da takarda da biro. Idan kana da VLC a kwamfuta, maɓallin `[` yana rage saurin magana, `=` yana mayar da shi daidai, `Shift` tare da kibiyar hagu kuma yana komar da kai baya da daƙiƙa uku, kuma waɗannan ukun sun ishe ka. Ka ajiye takardu uku a gefenka: bayanin aikin da ake nema wa mutum, da takardar tarihin karatu da aiki da mai neman ya kawo, da jerin tambayoyin da aka shirya yi a kiran. Tsadar aikin duk a lokaci take. Hirar minti 18 takan ci mini kusan awa biyu daga sauraron farko zuwa miƙa takarda, kuma wanda ya ce ya gama cikin minti ashirin, to ya rubuta abin da ya tuna ne kawai.

2. Sauraro na farko, biro a ajiye

Ka saurari hirar daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ka rubuta komai game da mai neman aikin ba. Abin da kake nema a wannan zagaye shi ne sanin mai maganar: wane muƙami yake riƙe da shi, tsawon wane lokaci ya yi aiki da mai neman, shi ne ke sama da shi kai tsaye ko kuwa suna haɗuwa ne a masallacin ofis da wurin cin abinci, sannan akwai dangantaka ta jini, ta aure, ko ta unguwa a tsakaninsu. Nauyin duk abin da zai faɗa daga baya a kan wannan ya rataya.

A misalinmu, manajan ya ce a minti na biyu an mayar da shi reshen ne a watan Janairun 2023, kafin nan yana sashen sayarwa. Ke nan shi ganau ne a kan abin da ya faru daga Janairun 2023 zuwa gaba, amma duk abin da ya faɗa game da 2021 da 2022 daga nesa ya hango shi, ko kuma gaya masa aka yi. Wannan layi ɗaya zai shiga saman taƙaitawarka, kuma shi ne abin da aka fi mantawa da shi.

3. Rubuta maganar da lokacinta

Yanzu ka koma farko, ka rage sauri, ka riƙa tsayawa bayan kowace jimla biyu ko uku. Ba dole ba ne ka rubuta gaisuwa da tambayar iyali da maganar zafin gari, amma duk jimlar da ta shafi mai neman aikin ka rubuta ta kamar yadda ta fito daga bakin mai ita, a layinta daban, da minti da daƙiƙa a gabanta. Ka rubuta tambayar da ta jawo amsar ita ma, domin akwai bambanci tsakanin mutumin da ya ce da kansa “yana makara” da wanda aka tambaya “ai yana makara ko?” ya ce “e to, wani lokaci.” Na biyun an sa masa magana ne a baki.

Ka bar maganar a harshen da aka yi ta. Yawancin irin wannan hira a ofisoshinmu gauraye take da Hausa da Turanci, kuma taƙaitawar sau da yawa da Turanci ake so. Fassara tana zuwa ne a ƙarshe, bayan an gama rarrabewa, domin mai fassara yana yanke hukunci a kowace kalma ko bai sani ba.

Gargaɗi: inda layin waya ya yanke ko hayaniya ta danne murya, ka rubuta “ba a ji ba” tare da lokacin. Kada ka cike gurbin da abin da kake ganin ya dace. Lamba ce ta fi faɗawa wannan rami, domin “sha huɗu” da “sha biyar” ko “ashirin” da “talatin” sukan rikice a waya mai ƙara, kuma lambar da ka ƙirƙira za ta zauna a fayil ɗin mutum kamar an tabbatar da ita.

4. Rarraba jimlolin gida huɗu

Wannan shi ne ainihin aikin, kuma a nan ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka. Mutane sukan raba magana gida biyu, gaskiya da ra'ayi, amma gida biyu ba ya isa, domin akwai maganar da take da siffar gaskiya alhali jita-jita ce, akwai kuma ra'ayin da ba na mai shaida ba ne, naka ne kai mai rubutu. Ni harafi nake sa wa kowane layi a gefen takarda.

Harafin G na abin da mai shaidar ya gani ne da idonsa, ko ya aikata da hannunsa, ko yake da takardarsa. Alamarsa ita ce ana iya tambaya yaushe, a ina, nawa, wa ya sa hannu, a kuma sami amsa. Harafin J na abin da ya ji ne daga wasu. Harafin R na ra'ayinsa ne, wato hukuncin da ya yanke game da hali ko ƙwarewa. Harafin N kuma nawa ne, wato abin da ni mai sauraro na fahimta daga murya, ko shiru, ko kwana-kwana, wanda ba wanda ya furta shi.

Ga layuka biyar daga hirar misalinmu, mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

A 04:10 manajan ya ce, “Ma'aikata shida ne a ƙarƙashinsa, shi ke riƙe da makullin sito da littafin shiga da fitar kaya.” Wannan G ce tsantsa. Akwai lamba, akwai aikin da ake iya nunawa, kuma a lokacin manajan ne shugabansa.

A 06:35 ya ce, “Mutum ne mai gaskiya ƙwarai, ni dai ban taɓa kama shi da komai ba.” Wannan jimla guda ce amma abu biyu ne a cikinta, kuma dole a raba ta. “Mai gaskiya ƙwarai” ra'ayi ne, R. “Ban taɓa kama shi da komai ba” G ce, amma mai iyaka: tana nufin a cikin watannin da ya shugabance shi bai gano wani ha'inci ba, ba ta ce komai ba game da lokacin da ba ya nan. Mai gaggawa zai rubuta “an tabbatar yana da gaskiya,” alhali ba a tabbatar da komai ba. Yabo ma ana tace shi kamar yadda ake tace suka, kuma na lura masu taƙaitawa sun fi sakaci da yabo saboda ba ya tayar wa kowa da hankali.

A 08:50 ya ce, “A ƙirgar kaya ta Nuwamban 2023 an rasa buhu 14 na shinkafa, na ba shi takardar tuhuma, daga baya aka gano 11 an fitar da su ba a shigar a littafi ba, sauran ukun aka cire a albashinsa.” Wannan ita ce magana mafi daraja a duk hirar, kuma G ce daga farko har ƙarshe, domin manajan da kansa ya rubuta takardar. Ka lura da yadda take iya lalacewa wajen taƙaitawa. Idan ka rubuta “an taɓa tuhumarsa da ɓatan buhu 14,” ba ka yi ƙarya ba, amma ka yanke rabin labarin da ke wanke shi. Idan ka rubuta “an sami ɗan kuskuren lissafi aka gyara,” ka ɓoye buhu uku da ba a gani ba har yau. Abin da ya faru yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma dukkansu za su shiga, da lambobinsu.

A 11:20 ya ce, “Direbobi suna cewa sai an ba shi na goro yake loda wa mutum da wuri.” Siffar wannan jimla ta abin da ya faru ce, shi ya sa take da haɗari. Amma manajan bai ce ya gani ba, bai ambaci direba ko ɗaya ba, bai faɗi rana ba. Kalmomin “suna cewa,” “an ce,” “na ji,” “wai,” “kowa ya sani,” duk tutar J ce. Sai ka duba ko mai kiran ya bi sawu. A misalinmu ya tambaya ko an taɓa kai ƙara a rubuce, manajan ya ce a'a, kuma bai bincika ba. Wannan amsar ita ce G, kuma dole ta tafi manne da jita-jitar duk inda aka rubuta ta. Masana hadisi sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa sukar mai ruwaya da aka bayyana dalilinta ta fi wadda aka jefa babu bayani nauyi, kuma wannan ma'auni ya dace da teburin ɗaukar aiki sosai.

A 13:05 ya ce, “Bai iya riƙe mutane ba.” Wannan R ce. Kada ka jefar da ita, domin ra'ayin wanda ya shugabanci mutum fiye da shekara ɗaya da rabi yana da amfani. Abin da za ka nema shi ne ko ya kafa ta a kan wani abu. Ya ci gaba da cewa leburori biyu sun nemi a sauya musu wurin aiki a shekara ɗaya, kuma shi ya amince da sauyin. Sai ka rubuta ra'ayin a gidan ra'ayi, ka rubuta sauyin leburori biyu a gidan G, ka nuna cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya. Da bai kawo misali ba, sai ka rubuta “bai kawo misali ba,” kwamiti ya san nauyin da zai ba ta.

Gargaɗi: harafin G ba ya nufin maganar gaskiya ce tabbatacciya. Yana nufin magana ce da ake iya bincikawa. Mai shaida yana iya mantawa, yana iya rikita shekara, yana iya ƙarawa don taimako ko ragewa don wata tsohuwar ƙullalliya. Saboda haka ko a gidan G, “ya ce” za ka rubuta, har sai takarda ta goyi bayan maganar. Haka kuma ka kula da “kullum,” da “bai taɓa ba,” da “sau da yawa.” Wanda ya ce “kullum yana makara” ra'ayi ya faɗa cikin rigar lissafi. Idan akwai rajistar zuwa aiki da ta nuna kwana tara a wata ɗaya, wannan ne abin da ya faru.

5. Kara, shiru da kalmomi masu fuska biyu

Bahaushe ba ya son a ce shi ne ya hana wani cin abinci. Saboda haka tsohon maigida da yake da ƙorafi yakan naɗe shi cikin kara: “To, ba laifi,” “yana dai ƙoƙari,” “sai dai a yi haƙuri da shi,” “ka san ɗan Adam.” Duk wanda ya tashi cikin harshen yana jin abin da ke ƙarƙashin irin wannan magana, kuma wannan jin ne yake jefa mai taƙaitawa cikin kuskure, domin sai ya rubuta abin da ya fahimta a matsayin abin da aka faɗa.

A 16:40 an tambayi manajan ko zai sake ɗaukar mutumin idan dama ta samu. Ya yi shiru na daƙiƙa shida, sannan ya ce, “To, ai arzikin bawa ba a wuri ɗaya yake ba.” Ni da kai mun san wannan ba e ba ce. Amma kuma bai ce a'a ba, kuma shirun yana iya zama na tunani, ko wani ya shigo ofishinsa, ko layi ya ɗauke. Abin da ya faru shi ne an yi tambaya, an yi shiru na daƙiƙa shida, an ba da amsar da ba e ba ce ba a'a ba ce. Haka za ka rubuta, da kalmominsa. Fahimtarka cewa ba ya so ya sake ɗaukarsa ta gidan N ce, kuma tana da wurinta a ƙasan takarda, da sunanka a kanta. Rubuta “ya ce ba zai sake ɗaukarsa ba” ƙarya ce aka yi wa manajan, ko da a ransa haka ne.

Wajen fassara kuma akwai kalmomin da sai an yi hattara. “Yana da zafi” tana iya nufin saurin fushi, tana iya nufin tsanani wajen bin ƙa'ida, wanda ga mai kula da sito yabo ne, kuma zafin nama wani abu ne daban da zafin rai. “Yana da ɗan hali” a bakin Bahaushe zargin ɗauke-ɗauke ne, wanda bai san harshen ba zai ɗauka maganar ɗabi'a ce kawai. Sai kuma maganar barin aiki: “ya ajiye aiki,” “ya bar mu,” “an sallame shi,” “an kore shi,” da “kwantiraginsa ya ƙare” abubuwa ne mabambanta, kuma “an sallame shi” takan rufe kora da rage ma'aikata duka. Inda kalma take da fuska biyu kuma mai kiran bai nemi bayani ba, ka bar ta da Hausarta a cikin taƙaitawar, ka sa ta cikin jerin abin da za a sake tambaya.

6. Cire abin da ba na aiki ba

Masu shaida sukan zarce. Za ka ji maganar aurensa na biyu, da ciwon da yake zuwa asibiti dominsa, da ɗariƙar da yake bi, da jam'iyyar da yake goyon baya, da garin da iyayensa suka fito, idan mace ce kuma a ce tana yawan haihuwa. Ko da duk gaskiya ne, ba su da wuri a takardarka. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, dokar 2023 da na ambata ta sa lafiya da addini da ƙabila da siyasa cikin bayanan da ake tsananta kariyarsu, akwai kuma dokar 2014 da ta hana nuna wa masu ɗauke da cutar HIV bambanci a wurin aiki. Layi ɗaya ya isa: “Daga 14:10 zuwa 15:00 mai shaida ya taɓo al'amuran da ba su shafi aikin ba, ba a rubuta su ba.”

Gargaɗi: wani lokaci abin aiki yana cuɗe da abin gida. Idan aka ce bai zo aiki mako uku ba saboda rashin lafiya kuma ya kawo takardar likita, abin da za ka iya rubutawa shi ne ya ɗauki hutun mako uku da izini. Sunan ciwon ba naka ba ne.

7. Gwada da takardun mai neman aikin

Ka ɗauko layukan G ka jera su kusa da abin da mai neman ya rubuta game da kansa. A misalinmu ya rubuta cewa ya fara aiki a Maris 2021, manajan kuma ya ce ya zo ne “bayan ƙaramar Sallah” ta wannan shekara, wadda ta kama 13 ga Mayu. Akwai tazarar kusan wata biyu. Kafin ka kira wannan saɓani ƙarya, ka tuna abin da ka gano a mataki na biyu: a 2021 manajan yana wani sashe, tunawa kawai yake yi. Takardar ɗaukar aiki ko takardar albashin farko ce za ta raba gardama. Na biyu, mai neman ya kira kansa shugaban sito, manajan ya ce mai kula da sito, wanda yana iya zama bambancin suna kawai, yana iya zama ƙarin gishiri. Ka rubuta duka biyun gefe da gefe ba tare da ka zaɓi ɓangare ba.

Daga nan jerin tambayoyin bin sawu yake fitowa, kuma kiran minti biyar yakan warware su. Ka kuma ba da shawara a ba mai neman aikin dama ya yi bayanin buhu ukun da bakinsa, domin ba daidai ba ne a yanke wa mutum hukunci a kan labarin da bai san an ba da shi ba.

8. Rubuta taƙaitawar

Shafi ɗaya, ko ɗaya da rabi. A sama ka sa ranar kira, da wanda ya kira, da tsawon hirar, da muƙamin mai shaida da lokacin da ya shugabanci mai neman, da cewa an nemi izinin naɗa. Sannan gidajen su biyo a jere, G a gaba, domin abin da aka fara karantawa shi ke rina sauran. Ga yadda tsakiyar takardar misalinmu za ta kasance:

Abin da mai shaida ya ce ya gani ko ya yi da kansa. Ma'aikata shida ne a ƙarƙashin mai neman, yana riƙe da makulli da littafin kaya (04:10). A Nuwamban 2023 an rasa buhu 14, an ba shi takardar tuhuma, an gano 11 rashin shigarwa ne a littafi, an cire kuɗin uku a albashinsa (08:50). Leburori biyu sun nemi sauyin wurin aiki cikin shekara ɗaya, an amince (13:20). Bai taɓa kama shi da ha'inci ba a lokacin da ya shugabance shi (06:35).

Abin da ya ji daga wasu. Direbobi suna cewa yana karɓar na goro kafin lodi. Mai shaida bai gani ba, ba a kai ƙara a rubuce ba, bai bincika ba (11:20).

Ra'ayinsa. “Mai gaskiya ƙwarai” (06:35). “Bai iya riƙe mutane ba,” ya kafa hujja da sauyin leburori biyu (13:05). Da aka tambaye shi ko zai sake ɗaukarsa, ya yi shiru na daƙiƙa shida, ya ce, “To, ai arzikin bawa ba a wuri ɗaya yake ba” (16:40).

Abin da ke buƙatar tabbatarwa. Watan fara aiki, Maris ko bayan 13 ga Mayun 2021. Ainihin sunan muƙami. Dalilin barin aiki, wanda ba a tambaya ba.

Lura daga mai taƙaitawa. A fahimtata amsar 16:40 tana nuna rashin son sake ɗaukarsa, amma bai furta haka ba.

Ka kula da kalmomin da kake gabatar da magana da su. “Ya ce” ba ta ɗaukar ɓangare. “Ya amsa cewa” tana sa a ji kamar laifi ne aka matsa wa mutum ya yarda da shi, “ya yi iƙirarin” tana nuna ba ka gaskata ba, “ya tabbatar” kuma tana nuna an gama bincike. Ka tsaya a kan “ya ce” ko da ta maimaitu sau goma.

Gargaɗi: kada ka rufe takardar da “a ɗauke shi” ko “kada a ɗauke shi” sai idan an nemi shawararka a fili, kuma ko an nema, ka rubuta ta a takarda daban. Kwamiti yana da sakamakon ganawa, da jarrabawa, da shaidar mutum na biyu, waɗanda kai ba ka gani ba. Haka kuma tambayar da ba a yi ba a kiran, ka rubuta cewa ba a yi ta ba, domin idan ka yi shiru a kanta za a ɗauka an tambaya ba a sami matsala ba.

9. Dubawa, adanawa da gogewa

Ka bar takardar na ɗan lokaci, sannan ka kunna faifan karo na uku kana bin ta layi-layi, kana duba kowace lamba da kowane lokaci. Awon da nake yi guda biyu ne. Da za a karanta wa manajan wannan takarda, zai ce e, haka na faɗa? Da mai neman aikin zai gan ta, kuma dokar 2023 ta ba mutum haƙƙin neman sanin bayanan da ake riƙe da su game da shi, akwai layin da ba za ka iya nuna mintinsa a faifai ba? Duk layin da ya faɗi ɗaya daga cikin biyun, ko a gyara shi ko a cire shi.

Faifan da taƙaitawar su zauna a ma'ajiyar ofis mai kalmar sirri, waɗanda ke cikin kwamitin kaɗai ke iya buɗewa. Kada ka tura faifan ta zauren WhatsApp na ma'aikata, domin daga nan ba ka da iko da inda zai je, kuma manajan da ya yi magana bisa amana zai iya jin muryarsa a wayar wanda ya yi maganar a kansa. Idan ta wayarka ta kanka aka turo maka, ka goge shi daga wayar da zarar ka mayar da shi kwamfutar ofis, ka duba har cikin ma'ajiyar sauti, domin goge saƙo ba kullum yake goge fayil ɗin ba. Takardun da ka yi rubutun farko a kansu, masu ɗauke da maganganun da ka cire a mataki na shida, ka yayyaga su ko ka ƙona. Daga nan ka tambayi shugaban sashenku tsawon lokacin da ofis yake ajiye bayanan masu neman aiki, ka rubuta ranar da za a goge faifan a saman taƙaitawar, kusa da ranar kiran.